Na saka waje a tagar falo amma kowa na gane editin ne

Salam Oga. Na ɗauki hoton falon wani bene a Hanwa ta Zariya da za a sa haya, falon ya fito tas amma tagar ta ƙone fari fat. Na samo hoton bishiyoyi da shuɗin sama na saka a Photoshop, yankan ma a hankali na bi shi da Pen Tool, amma duk wanda na nuna wa sai ya ce editin ne. Tagar silaidin ce mai ƙarafuna, ƙasan kuma tayil ne mai sheƙi. A ina na kuskure?

Wa alaikumus salam ƙanina. Na buɗe hoton da ka turo, na duba shi a kwamfuta na kuma duba a waya, yankanka yayi kyau, kada ka sake ɓata lokaci a kansa. Abinda ya tona maka asiri haske ne. Bishiyoyin da ka saka sun fi bangon falon duhu, kuma ido bai taɓa ganin haka ba tunda aka haife shi, ko wanda bai san komai a hoto ba ya san idan yana zaune a ɗaki da rana toh waje ya fi ciki haske, shi yasa mutum zai kalla ya ce akwai wani abu ko da ba zai iya nuna maka menene ba.

Bari in baka lissafin da zai sa ka gane girman tazarar. Falo irin wannan da hantsi, kyamara akan ISO 100 da f/8, yawanci sai ka bar shata a buɗe wajen 1/6 na sakan kafin kujeru da bango su fito. Ka juya ta waje a rana irin tamu ba ka canza komai ba, 1/400 ya ishe ka. Kaga waje ya ninka ciki haske sau sittin da wani abu kenan. Shi yasa tagar ta ƙone, kuma shi yasa duk abinda ke kusa da ita ya sha haske, firam ɗin alminiyan ya yi fari-fari, gefen labule ya wanke, tayil ya ɗauki hoton tagar. Ɗakin gaba ɗaya yana bada shaida cewa akwai wuta a wajen nan. Kai kuma sai ka kawo hoto mai kore shar da shuɗi mai kauri wanda aka auna haskensa don kansa, ka ajiye a tsakiyar wannan shaidar. Dole ya zama kamar kalanda a bango.

Kafin mu taɓa haske akwai maganar hoton da za a saka ɗin kansa, kuma anan zan ɗan tsaya saboda gidan haya ne. Wanda ka saka daga intanet ka samo, bishiyoyin ma ba irin namu bane, kuma mai neman haya zai biya kuɗin ganin gida ya zo ya buɗe taga ya tarar da katangar maƙwabci da tankin ruwa. Ni bana yin wannan, kuma bana so ka fara. Ka koma gidan, ai Hanwa ba nisa, ka ɗauko abinda ke wajen da gaske. In darbejiya ce da rufin kwano toh su za a saka, a gyara su su yi kyau. Idan hoton talla ne na labule ko kujeru wanda ba wanda zai je ya zauna a ɗakin, wannan daban, ka saka Dutsen Kufena ma in ka so. Kuma ko a wajen aiki komawar ta fi maka sauƙi, don hoton da aka ɗauka daga wurin yana zuwa da girmansa da kusurwarsa daidai, ba sai kayi ta ja kana matsewa ba.

In ka koma ka je a irin lokacin da ka ɗauki na farko, ka tsaya inda ka tsaya, tsayin kyamara ɗaya, lens ɗaya, kada ka yi zumin. Ka rage haske har sai waje ya fito, ɗakin zai yi baƙi ƙirin, ba komai. Sannan ka matsa jikin taga ka zuge gilashin ka ɗauki wani ta tsakanin ƙarafuna, wannan karon ka ɗaga kai ka kamo sama da yawa, zan gaya maka amfaninsa in mun zo kan tayil. Nan gaba kuma duk ɗakin da zaka ɗauka ka ɗora kyamara akan ƙafarta ka ɗauki biyu ba tare da ta motsa ba, ɗaya na ɗaki ɗaya na taga, sakan biyar ne ya raba ka da aikin awa biyu.

Wurin da zaka ajiye hoton a cikin taga ba da ka ake yi ba. Layin da ƙasa ta haɗu da sama a can nesa kullum yana daidai da tsayin kyamararka. A hotonka na ƙiyasta kyamarar tana wajen mita 1.3 daga ƙasa, bakin tagar na ƙasa santimita 90, samanta mita 2.1, wato tsayin tagar mita 1.2 ne. Daga 90 zuwa 130 santimita 40 ne, kashi ɗaya cikin uku na tagar kenan daga ƙasa. Toh anan layin zai zauna. Kai ka kai shi can sama da rabi, shi yasa ake jin kamar filin wajen yana hawa tudu zai zubo cikin falo. Ka ja layin jagora daga rula (Ctrl+R ka jawo daga sama) ka ajiye a wurin, kada ka goge shi har ka gama. Kuma tunda bene ne, abinda ke ƙasa da layin ya zama rufin gidaje da kan bishiyoyi ake gani daga sama, in aka ga gindin bishiya da ƙasa kamar kana tsaye a tsakar gida toh ƙaramin yaro ma zai ji wani iri.

Sai rana. A hotonka babu inda rana ta faɗo a ƙasan falon, haske ne kawai mai laushi, ma'ana ranar tana bayan gidan ko tana can tsaka, dan haka abinda ke waje fuskarsa a haske take. Da a ce akwai zanen rana a tayil da ranar tana gaban tagar kenan, sai bishiyoyin su zama inuwarsu ta nufo mu, gefensu na ƙyalli, samansu fari. Mutane da yawa suna saka waje mai rana a bayan mai hoto alhali ga rana kwance a kan kafet ta shigo ta tagar, rana biyu a hoto ɗaya. Lokaci ma haka, hoton naka na hunturu ne, hasken da ya shigo fari ne irin na hazo, kuma a Zariya a Disamba ina zaka ga shuɗin sama irin na watan Satumba bayan an ɗauke ruwa? Sama fara ce, nesa ta dushe, ganye ya sha ƙura. In ka bar ta a haka ɗan gari zai yarda da hoton tun kafin ya yi tunani.

Yanzu ƙarafunan. Na ga ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka yanka, sannu da ƙoƙari, amma shi yasa suka fito da farin zare a gefe kamar an yanka da reza. Akwai hanyar da ta fi, kuma ƙonewar tagar ce ma ta baka ita. Ka zagaye ramin tagar kawai da Pen Tool, kusurwa huɗu, ta cikin firam, ka danna Ctrl+Enter ya zama zaɓi, ka bashi Feather na 1, ka yi wa leyar waje mas da shi, wato abinda zai ɓoye duk abinda ya fita daga zaɓin. Leyar wajen tana sama da ta falo. Sai ka canza yanayin haɗinta daga Normal zuwa Multiply. Abinda Multiply ke yi shine duk inda ƙasa fari ne sai hoton sama ya fito yadda yake, duk inda ƙasa ke da duhu sai duhun ya zauna. Kaga ƙarafuna, sandar tsakiyar silaidin, makullinta, har ragar sauro in ta ɗan fito, duk zasu dawo da kansu da ainihin bakinsu mai laushi, ba ka yanki ko ɗaya ba. Farin labule mai shara-shara ma haka yake bi, kuma shi kam babu mai iya yanka shi da hannu.

Sharaɗin shine tagar ta zama fara da gaske. A kusurwar hagu ta ƙasa akwai sauran inuwar wata katanga da bata gama ƙonewa ba, in ka barta zata fito ta cikin sabon hoton kamar tabon mai. Ka kwafi leyar falon da Ctrl+J, ka ɗauki Dodge Tool, Range ɗinsa Highlights, Exposure wajen 10%, ka shafa wurin a hankali har ya yi fari, da yake Highlights ne ba zai ci ƙarfen sosai ba. Inda kuma haske ya cinye ƙarfe gaba ɗaya, kamar guda biyun nan na sama da suka ɓace a tsakiya, sai ka zana su a sabuwar leya, ka ɗebo kalar daga inda ƙarfen ya tsira, kada ka sa baƙi, ruwan toka ne, ka basu Gaussian Blur na 0.8 ka rage Opacity zuwa 80 ko 85. Ƙarfen da ke gaban haske sirancewa yake yi a hoto, in ka zana shi da kaurinsa na gaske zai fi 'yan uwansa ƙiba.

Toh ga inda aikin yake. Ka buɗe Info da F8, ka ɗora linzami a farin bangon da ke nesa da taga kaɗan. Ni na auna naka, yana wasa tsakanin 185 da 200 a ma'aunin da ke tafiya daga 0 zuwa 255. Saman da ka saka tana wajen 150, ganyen kuma akwai inda ya sauka 15. Abinda nake nema a irin wannan falo shine sama ta kai 235 zuwa 245, ta wuce bango sosai amma bata ƙone ba, sannan abu mafi duhu a waje kada ya sauka ƙasa da 60 ko 70. Wannan na biyun shi mutane ke mantawa. Babu baƙi na gaske a bayan gilashi, akwai ƙura a jikinsa, akwai raga, akwai hazo, ga hasken da ke yawo cikin lens ɗin kansa, duk suna wanke duhun. Ka duba ƙasan kujera a hotonka, nan ne baƙi yake, waje bai isa ya kai shi ba.

Ka ɗora Curves akan leyar waje, ka ɗaure shi da ita da Ctrl+Alt+G don kada ya taɓa falon. Ɗigon ƙasa na hagu ka ɗaga shi tsaye har Output ya nuna 60. Ka sa ɗigo a tsakiya, Input 128 ka kai Output wajen 175, sannan ka auna sama da Info, in bata kai 235 ba ka ƙara ɗagawa. Nan take zaka ga hoton ya yi fari-fari kuma ranka zai ce ya lalace, wallahi kusan kowa anan yake ja da baya, saboda in ka kalli wajen shi kaɗai ya rasa armashi. Kada ka kalle shi shi kaɗai, ka rage girman hoton ka kalli falon gaba ɗaya, zaka ga tagar ta koma rami da haske ke shigowa ta ciki. Sai Hue/Saturation shima a ɗaure, ka rage Saturation da 20 zuwa 25. Masu gida suna son kore mai ƙarfi, na sani, wani ya taɓa dawo min da aiki har sau biyu yana cewa a ƙara shuɗi, na ƙara masa kaɗan na nuna masa biyun a jere a wayarsa, da kansa ya zaɓi mai hasken.

Kala kuma ka lura da ƙwayayen wuta. Na falon nan masu ruwan ɗorawa ne kuma a kunne suke, kyamarar ta daidaita fari a tsakaninsu da hasken rana, shi yasa firam ɗin da gefen labule suka ɗan yi shuɗi-shuɗi. Toh wajen ma ya kamata ya karkata can kaɗan. Hanya mafi sauƙi ka kalli kalar hasken da ya faɗa a dakalin taga, ita ce kalar wajenka, ka bi ta da Color Balance kaɗan kaɗan, biyar zuwa takwas ya isa. In gilashin mai kala ne irin shuɗi ko kore ko ruwan ƙasa da ake sawa a silaidin yanzu, ka tuna ɓangaren da ke rufe ya fi wanda aka zuge duhu da kala, inda gilashi biyu suka hau kan juna kuma ya fi duka. Leya ɗaya ta kalar akan Multiply a 10 zuwa 15 tana yin wannan, ka maimaita ta a inda suka haɗu.

Akwai kuma hasken da ke malalowa daga taga ya hau firam da bango, kamar hayaƙi. Naka yana da shi tun asali, har ya yi yawa, don na taga ce da ta ƙone ƙurmus. Da ka saka waje mai duhu sai ya zama farin rawani zagaye da hoto mai duhu, kuma shine abu na farko da na gani. Yanzu da ka ɗaga hasken wajen rabin matsalar ta tafi. Sauran rabin ka yi Curves a kan falon ka ja tsakiya ƙasa kaɗan, ka juya mas ɗinsa baƙi da Ctrl+I, ka ɗauki burushi mai laushi Flow 5% ka bi firam da gefen labule. Kada ka kashe shi duka. Firam ɗin da ya fito tsaf da kaifi a gaban rana shima ƙarya ne. Bayan haka in kana so kalar waje ta ɗan taɓa ɗakin, ka kwafi leyar waje, ka goge mas ɗinta, ka bata Gaussian Blur na 30 ko 40, ka sa ta a Screen da Opacity 15 zuwa 20, ka yi mata baƙin mas ka buɗe shi a bakin firam kawai da kan ƙarafuna. Lambobin Blur ɗin nan na hoto ne mai faɗin fiksel 6000 irin naka, in ƙarami ne ka rage su daidai gwargwado.

Mu zo kan tayil, wanda shine ya fi daɗi kuma shine kusan kowa ke kuskurewa har da waɗanda suka daɗe. A ƙasan falonka akwai farin hoton taga kwance a tayil, ka barshi fari fat alhali tagar ta cika da kore. Abinda yawanci ake koyarwa shine ka kwafi tagar ka yi Flip Vertical ka jawo ƙasa. Ga firam da ƙarafuna hakan daidai ne, suna juyawa ne a kan layin da bango ya haɗu da ƙasa, amma su ai suna nan a hoton tun asali, ba ka buƙatar su. Abinda ke can nesa a waje kuma ba a kan wannan layin yake juyawa ba, a kan layin jagoran nan da na ce kada ka goge yake juyawa.

Ka yi tunaninsa haka. Tayil madubi ne a kwance, abinda kake gani a cikinsa shine abinda wani zai gani da yana ƙarƙashin ƙasa da nisan tsayin kyamararka, mita 1.3, yana ɗaga kai yana leƙen tagar. Wannan mutumin ba zai ga rufin maƙwabta ba, sama zai gani. A lissafe, kai da kake kallon tagar kai tsaye, samanta ya wuce idonka da santimita 80 kacal. Shi kuwa na ƙasa, bakin tagar na ƙasa ma ya wuce idonsa da mita 2.2, samanta da mita 3.4. Kaga abinda ke cikin tayil wani yanki ne na sama wanda ya fi duk abinda ke cikin tagar tsayi, shi yasa nace ka kamo sama da yawa. In ba ka yarda ba yau ka tsaya a falon gidanku ka kalli taga a cikin tayil, zaka ga sama ce zalla, sai dai in akwai doguwar bishiya kusa da gidan, irin rimin nan ko mangwaro babba, ka ga kanta ya leƙo.

Yadda zaka yi, ka kwafi hoton waje cikakke ba mas, Ctrl+T, ka kai ɗigon tsakiya kan layin jagora, in ba ka ganin ɗigon ka kunna shi a akwatin da ke farkon sandar sama, sai Flip Vertical. Zai kife a kan layin, saman ta sauko ta rufe ƙasan falon. Ka sa shi Multiply, ka bashi Gaussian Blur na 10 zuwa 15 don tayil ba madubin kwalliya bane, Opacity 30 zuwa 40, ka yi mas ka bar shi a cikin farin wurin kawai. A naka sakamakon zai zama ɗan sauyin kala ne da kan darbejiya a gefe ɗaya, abu kaɗan, amma shine zai ɗaure tagar da ɗakin. Layukan tsakanin tayil basa sheƙi, Multiply zai barsu yadda suke. Daga nan ka zagaya falon da ido ka nemo sauran masu sheƙi, fuskar talabijin, teburin gilashi na tsakiya, firam ɗin hoton bango. Naka teburin yana ɗauke da tagar shima, kuma da yake ya fi ƙasa tsayi abinda yake nunawa ya ɗan fi kusa da abinda ke cikin tagar, amma dokar juyawar ɗaya ce, leyar nan ɗaya zata yi maka, ka buɗe mas ɗin a wurin, sai dai shi ka yi masa kwafi mai ƙarancin dushewa don gilashi ya fi tayil santsi.

Shi gilashin tagar kansa, don Allah kada ka zana masa fararen layukan nan a karkace, na katun ne. Gilashi fili yana mayar da wajen kashi 8 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa in ana kallonsa gaba da gaba, yana ƙaruwa in ana kallonsa ta gefe. Kashi 8 na ɗakin da waje ya ninka sau sittin kusan babu ne, shi yasa da rana ba ka ganin kanka a taga. Abinda ke iya fitowa ƙwan wuta ne da wani abu fari sosai, kuma akan wuri mai duhu na waje yake fitowa, kamar kan ganye, baya fitowa akan farar sama. In kana so ka saka, abinda gilashi ke nunawa shine ɓangaren ɗakin da ke fuskantarsa, dan haka in ka koma gidan ka tsaya a taga ka ɗauki cikin falon. Ka yi masa Flip Horizontal, ka danne shi da Curves har sai ƙwayaye kawai da ɗan silin suka rage, Screen, Opacity 5 zuwa 8, a kan gilashin da ke rufe kawai. In ka manta da shi gaba ɗaya a hoton rana ba wanda zai nema. Hoton magariba ne ba a tsallake shi, lokacin waje ya yi duhu, gilashi ya koma madubi, can kam sai ka kai 25 ko 30.

Saura abu biyu ƙanana. Kyamarar ta kama kujeru ne, dan haka waje ya ɗan fi su laushi, ka bashi Gaussian Blur na 0.6 zuwa 1. Sannan ka zuƙo hoton zuwa 200% ka kwatanta tsakin da ke jikin bango da na waje, in wajen ya fi santsi ka bashi Add Noise na 1 zuwa 1.5%, Gaussian, ka kunna Monochromatic. In ka mayar da leyar Smart Object tun farko duk waɗannan zaka iya komawa ka gyara lambarsu.

Gwajin da nake yi kafin in tura wa mai aiki shine in ɗora Black & White a can sama in kalla. Kala tana ruɗin ido, in ta tafi zaka gani ƙarara ko tagar ce ta fi komai haske a hoton, in bango ya fi ta ko sun yi kunnen doki ka koma Curves. Sai in goge shi, in tura hoton wayata ta WhatsApp tunda acan za a kalle shi, in ajiye wayar in yi sallah ko in sha ruwa, in dawo in buɗe da sabon ido. In idona ya fara sauka akan kujeru da labule kafin ya je taga, ya yi. In ya tafi taga kai tsaye ya tsaya, yawanci kalar ce ta yi yawa, sai in ƙara rage Saturation da goma.

Ka koma Hanwa da hantsi ka ɗauko ukun nan, na daga inda ka tsaya, na sama ta tsakanin ƙarafuna, da na cikin falo daga taga. In ka haɗa ka turo min fayil ɗin da leyoyinsa a buɗe, kada ka haɗe su, ina so in ga mas ɗin tayil ɗin da Curves ɗinka.